Nawa ne Kuɗin “In Na Ga Dama”? Bishiyar Farashi da Buhun Masara

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, masara tana kwarara daga gonakin Bakori, Ƙafur, Ɗanja da Faskari zuwa kasuwannin Funtuwa, Ɗandume da Malumfashi. Lokacin ne take araha, domin kowa ya girbe kuma kowa yana neman kuɗi. Lokacin ne kuma masu sito suke cika shi, da fatan kafin damina ta kankama farashi zai ɗaga. Yawancin shekaru yakan ɗaga ɗin. Amma waɗanda suka tara hatsi a kakar 2024 sun ga akasin haka: a watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma a 2025 farashi ya yi ta sauka a watannin da aka saba ganin yana hawa. Mutane da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya.

Wannan rashin tabbas shi ne ke haifar da irin cinikin da za mu duba. A ce wani mai gidan kaji daga Zariya ya zo Funtuwa a watan Disamba, buhun masara mai kilo 100 yana naira 40,000. Zai buƙaci buhu 100 nan gaba, amma ba ya son ya ɗaure jarinsa yanzu. Sai ya ce wa mai sito: “Alhaji, ina so ka ba ni dama in sayi buhu ɗari a hannunka a kan dubu arba’in, ranar da za mu tsayar. In na ga dama in ɗauka, in ban ga dama ba in bari. Nawa zan ba ka a kan wannan?”

Abin da yake nema shi ne zaɓin saye. Yana da haƙƙi, ba shi da wajibi. Alhaji kuma yana da wajibi, ba shi da zaɓi. In masara ta yi tsada, mai kaji zai zo da mota. In ta faɗi, zai saya a kasuwa, Alhaji ba zai sake jin ɗuriyarsa ba. Babu mai hankalin da zai ɗauki wannan nauyi kyauta, don haka dole a biya wani abu tun yau, wanda ba a mayarwa. Tambayar ita ce nawa.

Duk alƙaluman da ke tafe na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fita sarai.

Mu fara da zango ɗaya. A ce ranar da aka tsayar tana cikin Maris, bayan wata uku. A ce kuma hanya biyu kaɗai farashi yake da ita, kamar rassa biyu na bishiya: ko ya hau da kashi 25 cikin ɗari ya zama 50,000, ko ya sauka da kashi 25 ya zama 30,000. Kowa ya san kasuwa ba ta tafiya haka, kuma za mu koma kan wannan. Abu na ƙarshe da muke buƙata shi ne tsadar kuɗi: wanda ya karɓi jarin naira 100 yau zai mayar da 105 bayan wata uku. Ko bashin banki ne, ko ribar murabaha ce a bankin da ba ya ta’ammali da kuɗin ruwa, lissafin bai damu da sunan ba. Abin da yake so ya sani shi ne nawa ake ɗorawa a kan riƙe kuɗi na wata uku.

In masara ta kai 50,000, mai kaji zai karɓi buhu a 40,000, ke nan zaɓin ya ba shi 10,000 a kowane buhu, miliyan ɗaya a kan ɗari. In ta faɗi 30,000, zaɓin ya tashi a banza.

Abin da ke fara zuwa wa kowa a rai shi ne a yi hasashe. Alhaji zai ce, “A shekara goma, takwas masara tana tashi kafin Maris.” Sai a ɗauki kashi 80 cikin ɗari na 10,000, a samu 8,000, a rage tsadar kuɗi, a tsaya wajen 7,600. Yana kama da hankali, amma kuskure ne, kuma ga dalili.

Alhaji zai iya kare kansa ba tare da ya san inda farashi zai nufa ba. Ya sayi buhu 50 yau, a kan naira miliyan biyu, ya ajiye. In Maris ta zo masara tana 50,000, buhunansa sun zama 2,500,000. Cika wa mai kaji alkawari zai ci masa miliyan ɗaya, ya rage da 1,500,000. In kuma tana 30,000, ba wanda zai zo, buhu 50 ɗin sun zama 1,500,000. Ko ta hau ko ta sauka, abin da ke hannunsa ɗaya ne. Hamsin ɗin ba dace aka yi ba: tazarar abin da zaɓin zai biya, wato miliyan ɗaya, aka raba da tazarar farashin buhu, wato 20,000.

To, tunda 1,500,000 ɗin nan tabbatacciya ce a Maris, Alhaji zai iya karɓar jari a kanta tun yau. Kuɗin da in an ɗora masa kashi 5 zai zama 1,500,000 shi ne 1,428,571. Buhu 50 sun ci miliyan biyu, jarin aro ya biya 1,428,571, saura 571,429. Wannan ragowar ita ce abin da mai kaji zai biya: naira 5,714 a kan kowane buhu. In ya biya haka, Alhaji bai sa ko kwabo daga aljihunsa ba, kuma a Maris zai tashi ba riba ba asara, ko me kasuwa ta yi.

Nan ne zuciyar al’amarin take. Ba a yanke wa zaɓi kuɗi da abin da ake tsammanin zai faru. Ana yanke masa da abin da za a kashe a haɗa irinsa da masara da jari. Tela da ya san kuɗin yadi da zare da ladan ɗinki ba ya buƙatar sanin ko za a sa rigar a biki kafin ya faɗi kuɗinta.

Mai shakka ya gwada wani farashin. In Alhaji ya nace a kan 7,000, maƙwabcinsa a layin ’yan hatsi zai ce shi ya yarda da 6,500, ya haɗa kariyar da 5,714, ya sa ragowar a aljihu ba tare da kasada ba. Wani kuma ya zo ya ce 6,000. In kuma wani ya yi araha ya sayar a 5,000, duk mai buhu 50 a sito zai iya cin banza. Ya sayar da buhunansa miliyan biyu, ya sayi zaɓin a 500,000, ya juya 1,500,000 da ta rage ta zama 1,575,000. In masara ta hau, zaɓin ya ba shi miliyan ɗaya, ya sake sayen buhunansa 50 a 2,500,000, ya rage da 75,000. In ta sauka, ya sake sayensu a 1,500,000, ya rage da 75,000. Masararsa ta dawo, ga ƙari a sama. Farashi ɗaya ne kawai ba ya barin irin wannan ƙofa a buɗe.

Akwai gajeriyar hanya zuwa wannan amsa, kuma za mu buƙace ta in rassa suka yi yawa. Mu kira ninkin hawa u, ninkin sauka d, ninkin tsadar kuɗi R:

```
p = (R - d) / (u - d) = (1.05 - 0.75) / (1.25 - 0.75) = 0.6
C = (p*Cu + (1 - p)*Cd) / R = (0.6*10000 + 0.4*0) / 1.05 = 5714
```

Cu shi ne abin da zaɓin zai biya in an hau, Cd in an sauka. Wannan 0.6 tana rikita mutane, domin tana kama da a ce “sau shida cikin goma masara za ta tashi.” Ba haka take nufi ba. Ba a tambayi manomi ko dillali ba kafin a same ta. Daga u da d da R kaɗai ta fito. Nauyi ne da in aka ɗora shi a kan reshen sama, aka ɗora 0.4 a kan na ƙasa, matsakaicin farashin masara zai zama 42,000, wato 40,000 da kashi 5 ɗinta daidai. Hasashen Alhaji na takwas cikin goma yana iya zama gaskiya. Zai amfane shi wajen yanke shawarar cika sito, amma ba shi da gurbi a kuɗin zaɓi. Ra’ayin kasuwa game da gobe ya riga ya shiga cikin 40,000 ɗin da ake sayar da buhu yau.

Ana iya amfani da p a gane ko an dasa bishiyar daidai. In ta fito ƙasa da sifili ko sama da ɗaya, alƙaluman ba su da ma’ana. Misali, in tsadar kuɗi ta kai kashi 30 a zango alhali hawan masara bai wuce 25 ba, ba wanda zai riƙe buhu ko ɗaya. Dole R ta zauna tsakanin d da u.

Yanzu mu tsawaita alkawarin zuwa Yuni, zango biyu na wata uku-uku, farashin alkawari yana nan 40,000. Daga kowace mararraba farashi zai sake rabuwa biyu da ninki iri ɗaya:

```
Disamba     Maris       Yuni
                        62,500
            50,000
40,000                  37,500
            30,000
                        22,500
```

A lura da 37,500 da ke tsakiya. Hawa sannan sauka, ko sauka sannan hawa, duk wuri ɗaya suke kaiwa, domin 1.25 sau 0.75 ɗaya ne ko ta ina aka fara. Wannan haɗewar rassa ita ce ta sa hanyar take da sauƙin aiki: zango 100 zai ba da ƙarshe 101 kacal. A lura kuma cewa 37,500 ta gaza 40,000. Hawa da kashi 25 ba ya maye gurbin sauka da kashi 25.

Ana gina bishiyar farashi daga hagu zuwa dama, amma kuɗin zaɓi daga dama ake tahowa da shi, domin a ranar ƙarshe ne kaɗai muka san darajarsa ba tare da lissafi ba. A 62,500 zaɓin yana biyan 22,500. A 37,500 da 22,500 ba ya biyan komai, tunda kasuwa ta fi alkawarin araha.

Sai mu ja baya zuwa Maris, mu ɗauki kowace mararraba kamar ita ce farkon ciniki mai zango ɗaya. A mararrabar 50,000, gaba akwai 22,500 ko sifili: 0.6 sau 22,500 ya ba da 13,500, a raba da 1.05, a samu 12,857. A mararrabar 30,000, rassan biyu duk sifili ne, don haka zaɓin ya mutu tun a Maris, ko da yake takardarsa tana cewa Yuni. Ko masara ta farfaɗo ba za ta wuce 37,500 ba.

Ja baya na ƙarshe, zuwa Disamba: 0.6 sau 12,857, a raba da 1.05, ya ba da 7,347. A kan buhu 100, naira 734,694. Ƙarin wata uku ya ɗaga kuɗin daga 5,714 zuwa 7,347, domin lokaci ya buɗe wa farashi hanyar yin nisa sama, alhali nisan da zai yi ƙasa ba ya ƙara wa mai kaji asara.

Lamba ce kawai wannan har sai an ga Alhaji ya bi ta da buhuna, don haka mu bi shi. A Disamba, tazarar darajar zaɓin a Maris ita ce 1,285,714, tazarar farashin buhu 20,000. In aka raba, ana samun buhu 64 da kusan kilo 29. Kuɗinsu 2,571,429. Mai kaji ya ba da 734,694, sauran 1,836,735 kuma jarin aro ne, wanda zai zama 1,928,571 a Maris.

In Maris ta zo da 30,000, Alhaji ya sayar da duk abin da ya ajiye. Kuɗin da zai samu 1,928,571 ne, daidai bashinsa. Ya biya, ya rufe littafi.

In ta zo da 50,000, aiki ya ƙaru. Yanzu tazarar abin da zaɓin zai biya a Yuni 2,250,000 ce, tazarar farashi kuma 25,000, daga 37,500 zuwa 62,500. Ke nan buhu 90 yake buƙata. Sai ya ƙaro buhu 25 da kilo 71 a kan sabon farashi, da ƙarin aro na 1,285,714. Bashinsa ya zama 3,214,286, wanda zai kai 3,375,000 a Yuni. Ranar ta zo. In masara tana 62,500, mai kaji ya iso da motarsa da naira miliyan huɗu. Alhaji yana da 90, ya sayo goma a kasuwa a 625,000 ya cika ɗari. Abin da ya rage masa 3,375,000, ya miƙa wa mai bashi. In tana 37,500, mai kaji bai zo ba. Ya sayar da buhu 90, ya samu 3,375,000, ya miƙa wa mai bashi. Duk hanyar da farashi ya bi, littafin yana rufewa a sifili, kuma bayan kuɗin farko ba a nemi ƙarin kwabo daga aljihun kowa ba.

Duk ɗan kasuwar hatsi da ya bi wannan a hankali zai ɗaure fuska a wuri ɗaya. Tsarin yana umartar Alhaji ya ƙara saye bayan masara ta yi tsada, ya kuma sayar bayan ta faɗi. Wannan kishiyar abin da ya koya ne tun yana yaron shago. Amma a nan ba neman riba yake yi da masarar ba, alkawari yake karewa. Kuma asarar da ke cikin saye da tsada da sayarwa da araha, ita ce ainihin abin da mai kaji ya biya da 734,694 ɗinsa. Wanda ya karɓi kuɗin zaɓi, sannan a Maris ya ce “bari in jira ta ɗan sauko kafin in ƙara,” ya bar kariya ya koma caca.

Hanyar ba tsohuwa ba ce. A 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka fitar da lissafinsu na kuɗin zaɓi, Robert Merton ya faɗaɗa shi, kuma a watan Afrilun shekarar aka buɗe kasuwar zaɓi ta Chicago. Sai dai lissafin nasu yana buƙatar ilmi mai zurfi. William Sharpe ne ya nuna cewa za a iya fahimtar dabarar da hawa ɗaya da sauka ɗaya, sannan a 1979 John Cox da Stephen Ross da Mark Rubinstein suka mayar da ita cikakkiyar hanya. Sun nuna cewa in aka yayyanka lokaci ƙanana-ƙanana, aka rage girman kowane taku daidai da haka, amsar bishiya tana matsawa zuwa ta Black da Scholes. Wannan ne amsar ƙorafin cewa kasuwa ba hanya biyu kaɗai take da ita ba: wata shida da aka raba zango 26, mako-mako, yana ba da farashi 27 a ƙarshe, kuma aikin kowace mararraba shi ne wanda muka yi da hannu. A Afirka, inda ake cinikin zaɓi a kan masara a kasuwa mai tsari shi ne Johannesburg, a kan farar masara da ja, tun bayan da Afirka ta Kudu ta saki farashin amfanin gona a shekarun 1990.

Akwai kuma abin da bishiya take yi cikin sauƙi wanda lissafin Black da Scholes bai tanada ba, kuma manomi ya fi shafa. A ce wani manomi a Malumfashi yana da buhuna a rumbu, tsoronsa faɗuwar farashi ne. Abin da ya dace da shi zaɓin sayarwa ne: haƙƙin ya kai masara a karɓa a 40,000. A bishiyarmu, wannan yana biyan sifili a 62,500, 2,500 a 37,500, da 17,500 a 22,500. A mararrabar 50,000 darajarsa 952 ce. A ta 30,000, 0.6 sau 2,500 da 0.4 sau 17,500 sun haɗu 8,500, a raba da 1.05, a samu 8,095. A Disamba kuɗinsa 3,628, in sharaɗin shi ne sai Yuni za a kai kaya.

Amma in an yarda ya kai kaya tun a Maris in ya so, sai a tsaya a kowace mararraba a kwatanta jira da kaiwa yanzu. A 30,000, kaiwa nan take tana ba shi 10,000, jira kuma darajarsa 8,095. Gara ya kai ya karɓi kuɗinsa. Sai a goge 8,095 a rubuta 10,000, a sake ja baya: kuɗin ya zama 4,354. Naira 726 da ta ƙaru ita ce kuɗin wannan sharaɗi guda. Irin na farko ake kira na Turai, na biyu na Amurka, ba don wurin da ake cinikinsu ba.

Duk wannan mun yi shi kamar ajiye masara kyauta ne. Ba kyauta ba ne: akwai hayar sito, maganin ƙwari ko buhu mai leda biyu a ciki, ladan ’yan dako, mai gadi, da raguwar nauyi in hatsin bai gama bushewa ba. A ce duka suna cin kashi 2.5 na kuɗin buhu a kowane zango. Wannan yana shiga saman lissafin p, ta zama 0.325 a raba da 0.5, wato 0.65, amma rabawa da 1.05 tana nan yadda take. Zaɓin sayen mai kaji ya tashi daga 7,347 zuwa 8,622. Wanda ya manta da kuɗin ajiya ya yi wa kansa ragin fiye da naira 127,000 a kan buhu ɗari.

Abin da ya fi kowane wuyar samu shi ne faɗin rassan. Farashin yau ana gani a kasuwa, tsadar kuɗi ana tambaya, amma kashi 25 ɗin nan daga ina? A kasuwanni masu tsari ana ciro shi daga tarihin motsin farashi, ko daga kuɗin da ake biyan wasu zaɓuɓɓukan. A nan sai dai littafin dillali da ya daɗe yana rubuta farashin kowace ranar kasuwa, kuma ko shi sai an ware hawan da aka saba gani kowace shekara daga motsin ba-zata. In da mun ce kashi 15 ne maimakon 25, kuɗin zaɓin zai sauko 5,200. Mutum biyu da suka yarda a kan komai, suka saɓa a kan faɗin rassa, za su bambanta da fiye da dubu biyu a buhu.

In kuma aka zaɓi faɗin da bai dace ba, mai sito ne zai ji a jikinsa. A ce a Maris masara ba ta tsaya a 50,000 ba, ta tsallaka 60,000, saboda wani babban kamfanin abincin kaji ya shigo kasuwa ko an rufe wata hanya. Buhu 64 da ɗoriya da ke hannun Alhaji, bayan cire bashi, sun kai 1,928,571. Amma nauyin da ke kansa, in aka lissafa zangon da ya rage daga 60,000, ya kai 2,190,476. Giɓin ya haura naira 260,000. In kuwa farashi ya zauna a 40,000 bai motsa ba, hannunsa yana da 642,857, nauyin kuma 571,429 ne, lambar da muka samu tun farko. Ya ci 71,000 da ’yan kai. Mai sayar da zaɓi yana cin riba in kasuwa ta yi shiru, yana asara in ta yi tsalle, ko ta wane ɓangare. Maganin shi ne daidaita buhuna akai-akai, amma kowane saye da sayarwa yana da la’ada da kuɗin lodi, kuma a shekarun da rashin tsaro ya hana zuwa wasu kasuwannin yankin Faskari da Sabuwa, ba kullum ake samun damar daidaitawar ba.

Ga kuma matsalar cika alkawari. Bishiyar ta ɗauka cewa ranar da masara take 62,500, Alhaji zai miƙa ta a 40,000 ba gardama. A Johannesburg akwai gidan da ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, yana karɓar kuɗin jingina yana daidaita shi kullum. A layin ’yan hatsi mutunci ne da shaidu da shugabannin kasuwa. Zaɓin da ake shakkar za a cika shi bai kai 7,347 ba.

Mai karatu Musulmi zai tambayi hukunci, kuma ya kamata. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa cinikin zaɓi yadda ake yinsa a kasuwannin kuɗi bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfani ba ne da ake karɓar musaya a kansa. A zamanta na Brunei a 1993 kuma ta halatta kafin alƙalamin da mai saye yake rasawa in ya fasa, muddin an ƙayyade lokacin jira. Wannan ra’ayin Imam Ahmad ne; Imam Malik, wanda mazhabarsa ake bi a ƙasar Hausa, ya hana shi. Wanda zai shiga irin wannan ciniki ya nemi malaminsa. Lissafin dai ba fatawa ba ne. Awo ne na nauyin da wani ya ɗauka, kuma ana ɗaukar irin wannan nauyi a kasuwa ko an kira shi zaɓi ko ba a kira ba. Kamfanin da ya ce wa manoma zai sayi amfaninsu a kan ƙayyadadden farashi, amma suna da damar kaiwa kasuwa in ta fi, zaɓin sayarwa ya ba su.

Kafin alƙalami ma haka yake, da bambanci ɗaya: ana cire shi daga kuɗin kaya. A ce mai kaji ya ce, “Alhaji, mu tsayar a dubu arba’in, ga dubu biyu-biyu kafin alƙalami, a Yuni in cika dubu talatin da takwas in ɗauka, in ban zo ba ka riƙe.” A Yuni shawarar mai kaji tana kan 38,000 ne, tunda dubu biyun ta riga ta tafi. A 62,500 zai zo, ya ci 24,500 a buhu. A 37,500 kasuwa ta fi masa araha da ɗari biyar, ba zai zo ba; a 22,500 balle. A ja baya zango biyu: 0.6 sau 0.6 sau 24,500, a raba da 1.05 sau biyu, ya ba da 8,000 cif, tun ba a sa kuɗin ajiya ba. Alhaji ya karɓi 2,000 a kan abin da kare shi zai ci masa 8,000; a buhu ɗari ya yi kyautar naira 600,000. In yana so cinikin ya daidaita a bishiyar nan kuma cikon ya kasance 40,000, to kafin alƙalamin 7,347 ne, jimillar kuɗin buhu kuma 47,347.